Amsa-amo mai gaɓa uku da wurin saukarsa a kiɗa: abin da ake gardama a kai a fadojin ƴan rap na Damagaram

Tun da bidiyoyin da ake shafa wa gaɓoɓin baitin rap launi suka fara yawo a wayoyi, wata gardama ta shiga fadojin matasa a Damagaram, daga Birni har Sabon Gari. A irin waɗannan bidiyoyin, duk gaɓoɓin da suka amsa juna ana ba su launi ɗaya, sai ka ga baitin wani mawaƙin Amurka ya cika da ja da shuɗi da kore. Matashin da ke rap da Hausa ya ɗauko rubutunsa ya gwada, sai ya tarar launi ɗaya ne tak, shi ma a ƙarshen layi. Daga nan wasu suka yanke cewa Hausa ba ta ɗaukar wannan salon, wasu kuma suka shiga jera kalmomi masu ƙarewa da "wa" suna cewa sun kamo shi. Ɓangarorin biyu duk suna awo ne da ido, alhali rubutun boko ba ya nuna abubuwa biyu da amsa-amon Hausa ya dogara a kansu, wato tsawon wasali da karin sauti.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Fulo shi ne yadda mawaƙi ke zuba gaɓoɓinsa a kan kiɗa: inda kowace gaɓa ta sauka, tsawon da ta ɗauka, da inda ya ja numfashi. Sauri wani abu ne daban. Mutum yana iya yin rap a hankali da fulo mai kyau, wani kuma ya yi gudu kamar ana korarsa amma gaɓoɓinsa na faɗowa a gefen kiɗa.

Mezir, wanda ƴan Kano ke kira "ba", shi ne zagaye ɗaya na bugu huɗu. A yawancin kiɗan rap na asali babbar ganga na cewa "dum" a bugu na farko, ƙaramar kuma na cewa "tas" a bugu na 2 da na 4. Baitin rap da aka saba yana ɗaukar mezir 16.

Inda ruɗani ya fi yawa shi ne "amsa-amon ciki". Wanda ya karanci rubutacciyar waƙar Hausa ya san wannan sunan da wata ma'ana. A waƙa ƴar biyar, ɗango huɗu na farko suna ƙarewa da gaɓa iri ɗaya, wannan shi ne ƙaramin amsa-amo ko amsa-amon ciki, ɗango na biyar kuma yana ɗauke da babban amsa-amo wanda ke ratsa waƙar tun daga farko har ƙarshe. Ka ga a nan "ciki" na nufin cikin baiti, amma kowane amsa-amo a ƙarshen ɗango yake zaune. A wajen ƴan rap kuwa "ciki" na nufin tsakiyar layin kansa, kafin a kai ƙarshe. Malamin Hausa da ɗan rap suna iya shafe dare suna musu a kan wannan kalmar, kowa da gaskiyarsa, don ba abu ɗaya suke nufi ba.

Amsa-amo mai gaɓoɓi da yawa kuma shi ne wanda gaɓa biyu, uku ko fiye suke amsa juna a jere, ba ta ƙarshe kaɗai ba. "Mawaƙi" da "masaƙi" misali ne mai tsabta: gaɓa uku, wasula iri ɗaya, tsawo iri ɗaya, murya kuma na hawa da sauka a wuri ɗaya.

Daga ina salon ya fito, kuma me ya sa ba ya shigowa Hausa kai tsaye

Rap ya tashi a unguwar Bronx ta birnin New York a shekarun 1970. Mawaƙan farko galibi a ƙarshen layi suke ajiye amsa-amo, gaɓa ɗaya ko biyu, daidai kan bugu na 4. A tsakiyar shekarun 1980 ne abin ya canza. Rakim, wanda kundinsa da Eric B. mai suna Paid in Full ya fito a 1987, shi aka fi ambata wajen shigo da amsa-amo cikin tsakiyar layi, sannan Big Daddy Kane da Kool G Rap suka yi fice wajen jera gaɓoɓi masu yawa. Eminem ya ƙara yaɗa salon daga ƙarshen shekarun 1990. A daidai wannan lokacin ne rap ya kafu a Nijar, da ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney, Wass Wong da Kaidan Gaskiya, waɗanda suka haɗa Faransanci da Hausa da Zabarmanci.

Matsalar ita ce kowane harshe da abin da yake rataye amsa-amonsa. A Ingilishi kowace kalma tana da gaɓar da ake dannawa da ƙarfi, kuma wasulan waɗannan gaɓoɓin ne mawaƙi ke daidaitawa. A Faransanci, ɗan makarantar da ya yi lise a Zinder an koya masa matakai uku na amsa-amo bisa yawan sautukan da suka yi daidai a ƙarshen kalma: sauti ɗaya, biyu, ko uku zuwa sama, kuma baƙaƙe na cikin lissafin. Hausa ba ta da dannawa irin ta Ingilishi. Abin da take da shi gaɓa mai nauyi ce da marar nauyi, da kuma karin sauti na sama, na ƙasa da mai faɗuwa.

Akwai kuma wani dalili da ya sa amsa-amon gaɓa ɗaya ba ya burge kunne a rap na Hausa. Wasulanmu biyar ne, kuma kusan duk kalmomin asali da wasali suke ƙarewa. Sunaye masu jinsin mace kusan duka da "a" suke rufewa. Saboda haka ko hira kake a bakin shago, kalmominka suna amsa juna a gaɓar ƙarshe ba tare da ka yi niyya ba. Abin da ke faruwa da kansa a magana ba zai zama alamar da kunne zai kama a cikin kiɗa ba. Don amsa-amo ya fito fili a Hausa, sai an koma baya da gaɓa ɗaya ko biyu.

Abu uku da ake daidaitawa

Na farko jerin wasula. "Kasuwa" tana da a, u, a. "Rayuwa" haka, "damuwa" haka. Baƙaƙen sun bambanta, k da r da d, s da y da m, kuma wannan ba laifi ba ne. A rap wasali ne ke ɗaukar amo, baƙi yana iya sauyawa.

Na biyu nauyin gaɓa. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "su". Mai nauyi ita ce wadda wasalinta ke da tsawo, ko take da tagwan wasali kamar "kai" da "sau", ko ta rufe da baƙi kamar "tun" da "gas". Idan aka ninka wasali don a nuna tsawonsa, "kasuwa" za ta zama kaa-su-waa: mai nauyi, marar nauyi, mai nauyi. To duba "rabuwa". A takarda tamkar ƙanwar "rayuwa" ce, harafi ɗaya ya raba su. A baki kuwa ra-bu-waa ce, gaɓar farko gajeriya. Haka "gamuwa" take idan aka ajiye ta kusa da "damuwa".

Na uku karin sauti. A "kasuwa" murya na farawa ƙasa, sai ta hau ta zauna sama a gaɓa biyun ƙarshe. "Rayuwa", "damuwa", "samuwa", "taruwa", "faruwa" da "ƙaruwa" duk haka suke tafiya. "Faɗuwa" kuwa, wadda wasulanta da nauyinta suka yi daidai da su, tana farawa sama, ta sauka a tsakiya, ta sake hawa. Mai sauraro ba lallai ya iya faɗin abin da ya bambanta ba, amma zai ji kamar an taka matakalar da ba ta kai sauran tsawo ba. "Lafiya" da "safiya" ma haka: ta farko tana ƙarewa ƙasa, ta biyu sama.

Wannan ba sabon gano ba ne. Dalhatu Muhammad ya wallafa nazari a 1980 a kan amsa-amon kari a waƙar Hausa, inda ya nuna cewa mawaƙa na daidaita karin sautin ƙarshen ɗango ban da gaɓar kanta. Makaɗan baka ma da kunne suke yin wannan tun kafin a ba shi suna. Ɗan rap da ya kula da karin sauti, gadon gida yake amfani da shi.

Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce rufe baki a yi gunjin kalmar ta hanci, ba baƙi ba wasali. Idan gunjin kalmomi biyu ya fito iri ɗaya a tsawo da hawa da sauka, sun dace. A kan furucin bakin mawaƙin za a yi wannan gwajin, domin wata kalmar yadda ake faɗinta a Damagaram ba lallai ta zo daidai da ta Kano ko ta Tawa ba.

Aiki a kan layi huɗu

A ɗauki kiɗa mai gudun 90 BPM, wato bugu 90 a minti. Kowane bugu kashi biyu cikin uku na daƙiƙa ne, mezir ɗaya kuma daƙiƙa 2.67, baiti mai mezir 16 kuwa wajen daƙiƙa 43. Ana raba kowane bugu gida huɗu, sai mezir ya zama gurbi 16. Wanda ya taɓa zama kusa da mai haɗa kiɗa a manhajar FL Studio ya ga waɗannan gurabe a jere huɗu-huɗu a allon. Bugu na farko gurbi na 1 ne, na biyu gurbi na 5, na uku gurbi na 9, na huɗu gurbi na 13. Ke nan "tas" na sauka a gurbi na 5 da na 13.

Ƙa'idar farawa ita ce gaɓa marar nauyi ta ci gurbi ɗaya, mai nauyi ta ci biyu.

A ce matashi yana son yin baiti a kan ƙarancin ruwa, abin da ba sai an yi wa ɗan Damagaram bayaninsa ba. Ya rubuta layin farko:

Na tashi da safe na nufi kasuwa

Ya ƙirga da yatsu ya samu gaɓa 12, ya ce ai gurbi 16 ne, har da ragowa. Da ya hau kiɗa sai ya ji layin ya tsallake, "wa" ta ƙarshe ta faɗa cikin mezir na gaba. Dalilin shi ne biyar daga cikin gaɓoɓin nan masu nauyi ne: "na" ta farko, "ta", "sa", "ka" da "wa". Biyar sau biyu goma, a ƙara bakwai marasa nauyi, an samu 17. Layin ya fi mezir ɗin tsawo tun kafin a yi maganar numfashi. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma alamarsa ita ce mawaƙi ya riƙa haɗiye tsakiyar layi don ya cim ma kiɗa.

Gyaran daga ƙarshe ake fara shi. Ana son gaɓar ƙarshe ta amsa-amon ta sauka kan "tas" na biyu, gurbi na 13. "Kasuwa" na cin gurbi biyar, don haka "kaa" za ta ɗauki na 10 da 11, "su" na 12, "waa" na 13 da 14. Gurbi na 15 da 16 na numfashi ne, kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa. Abin da ya rage wa farkon layi gurbi tara ne. Sai a rage kalmomi:

Da safe na nufi kasuwa
Gidanmu tun jiya ba ruwa

A layin farko, "da safe na nufi" gurbi takwas ne, domin "na" a nan mai tsawo ce, saboda haka ana barin gurbi na 1 ga babbar ganga ita kaɗai, murya ta shigo a na 2. A layi na biyu, "gidanmu tun jiya" shi ma takwas ne, kuma nauyinsa ya bi sawun na farkon gaɓa da gaɓa: gi da da, dan da saa, mu da fe, tun da naa, ji da nu, ya da fi. Babu wasalin da aka tilasta ya yi daidai a nan, amma kunne na jin layin biyu a matsayin tagwaye, domin tafiyarsu ɗaya. Rabin abin da ake kira fulo wannan ne: maimaita tsarin nauyi, ko da babu amsa-amo.

Sannan a lura da "ba ruwa". Kalma biyu ce ta amsa kalma ɗaya: baa-ru-waa a gaban kaa-su-waa. Karin "ba" mai faɗuwa ne, yana farawa sama ya ƙare ƙasa, daga nan murya ta hau kan "ruwa", don haka ya kusa da na "kasuwa" sosai duk da ba ɗaya suke ba. Irin wannan amsa-amon da aka ɗinka daga kalmomi biyu ya fi daɗin ji, saboda mai sauraro bai hango shi ba.

Yanzu sai amsa-amon tsakiyar layi. Tunda akwai wani "tas" a gurbi na 5, ana iya saukar da irin wannan jerin a kansa. Jerin zai fara a gurbi na 2 ya ƙare a na 6. Gurbi na 1 zai ɗauki gaɓa ɗaya marar nauyi, tsakanin jerin biyu kuma akwai gurbi uku, na 7 zuwa na 9.

Da ga-ruwa muke rayuwa

"Da" a gurbi na 1, "gaa-ru-waa" daga 2 zuwa 6, "mu-kee" daga 7 zuwa 9, "raa-yu-waa" daga 10 zuwa 14. Kowane "tas" ya samu "waa" a kansa. Gudun kiɗa bai canza ba, yawan guraben da aka cika ma kusan ɗaya ne da na layin baya, amma mai sauraro zai ji kamar an ƙara wuta, domin amsa-amon da yake jira sau ɗaya a mezir yanzu sau biyu yake zuwa. Aikin amsa-amon tsakiya ke nan. Yana ninka alamomin da kunne ke kamawa ba tare da an ƙara sauri ba.

Layi na huɗu yana da tarko:

Ga damuwa tana ƙaruwa

"Ga" mai nauyi ce, gurbi biyu take so, alhali gurbi ɗaya ne a gaban jerin. Mafita ita ce a fara ta a gurbi na 16 na mezir ɗin da ya wuce. Wannan shigowa da wuri tana ba layin kuzari, amma an ci rabin wurin numfashi, saura kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Sau ɗaya a layi huɗu ba komai. Idan aka yi haka layi uku a jere, murya za ta mutu a na huɗu, kuma a situdiyo sai an yanka an ɗauka gutsure-gutsure. A kuma kula da ƙ ta "ƙaruwa" a gaban makirfo: idan ta yi laushi ta koma k, kalmar ta zama wata daban wadda ba ita ake nufi ba.

Da a ce an sa "rabuwa" a ƙarshen wannan layin, jerin zai zama gurbi huɗu. "Wa" za ta sauka a gurbi na 12, ta riga "tas" isowa. Mawaƙi zai yi ɗayan biyu: ko ya ɗan tsaya kafin kalmar, wanda ba laifi idan da niyya ya yi, ko ya ja "ra" ta yi tsawo. Na biyun ne ke sa a ji Hausar mutum kamar ta baƙo, kuma wani lokacin ma'ana ce ke tafiya gaba ɗaya. Wanda ya ja gaɓar farko ta "gari" da ake zama a ciki, ya koma maganar garin tuwo.

Sauya dangi kafin kunne ya gaji

Jerin "a-u-a" na da yalwa, kuma yalwar ce haɗarinsa. "Faruwa", "samuwa", "taruwa", "yaɗuwa", "kamuwa" duk daga ƙirar aikatau ɗaya suka fito, nahawu ne ya daidaita su, ba mawaƙi ba. Wanda ya jera su har mezir 16 zai cika allo da launi ɗaya, amma mai sauraro zai riƙa faɗin kalmar gaba kafin shi. Abin da ya riƙe layi huɗun da ke sama shi ne cakuɗa: sunan wuri, jimla mai kalma biyu, sunan sana'a, sannan ƴan ƙirar aikatau.

Bayan mezir huɗu ya kamata a sauya. Hausa na da wani dangi na sunaye masu gaɓa biyu, duka masu nauyi, duka da karin sama, masu ƙarewa da "i": zafi, daɗi, faɗi, ƙarfi, zurfi, sanyi, sauri, tauri, nauyi, laushi. Kowanne gurbi huɗu ne.

Ga nauyi, ƙasa da tauri
Ga zafi, ana ta sauri

A nan "ga" ta ɗauki gurbi na 1 da 2, "nauyi" daga 3 zuwa 6, "ƙasa da" daga 7 zuwa 10, "tauri" daga 11 zuwa 14. "Yi" da "ri" sun sauka kan "tas" biyun kamar dā, amma tafiyar ta canza. Jerin farko yana farawa ne a gurbi na 2 da na 10, a gefen bugu, shi ya sa yake tsalle. Wannan yana farawa a na 3 da na 11, daidai rabin bugu, sai ya yi taku mai nauyi irin na mai tura kura cike da jarkoki. "Zafi" ba ta amsa "nauyi" cikakke ba, wasalin farko ya bambanta, amma nauyi da kari da wasalin ƙarshe sun riƙe ta. A tsakiyar layi irin wannan rabin amsa-amon ya wadatar. A ƙarshen layi ne kunne ke neman cikakke, kuma "tauri" da "sauri" sun ba shi.

Iyakar lissafin

Ƙa'idar gurbi ɗaya da gurbi biyu ma'auni ne na rubutu da gyara, ba dokar baki ba. A magana ta yau da kullum gaɓa mai nauyi ba ta kai ninki biyu na marar nauyi cif-cif, kuma ƙwararren mawaƙi yana iya matse "tun" ko "dan" cikin gurbi ɗaya idan yana gudu. Gaɓar da ta rufe da baƙi ta fi jure matsi, domin baƙin yana nan yana shaida ta. Mai dogon wasali ita ce ke lalacewa idan aka gajarta ta. A salon kiɗan rap da ake kira tarap kuma, inda ake yawan raba bugu gida uku, mezir na zama gurbi 12, sai a sake lissafi daga farko: mai nauyi ɗaya da marar nauyi ɗaya sun cika bugu guda.

Matsayi uku a gardamar

Masu goyon bayan salon suna cewa shi ne ma'aunin ƙwarewa, domin ana iya ƙirga shi, kuma yana raba wanda ya zauna ya yi aiki da wanda ya jera "wa" da "ya". Suna da hujja a kan cewa amsa-amon gaɓa ɗaya ya yi araha a Hausa. Rauninsu shi ne yawancin ƙirgar da ido ake yin ta, sai "rabuwa" da "faɗuwa" su samu maki daidai da "damuwa".

Masu adawa, waɗanda da yawansu da waƙoƙin faɗakarwa na farkon rap ɗin Nijar suka taso, suna cewa neman gaɓa uku yana jan mawaƙi ya faɗi abin da bai yi niyya ba, kalma ta riƙa jan ma'ana a maimakon ma'ana ta ja kalma. Wannan yana faruwa, kuma ana gane shi idan aka karanta baitin ba kiɗa aka ga layi na uku bai san abin da na biyu ya ce ba. Sai dai laifin na tsarin aiki ne. Wanda ya fara tara dangin kalmomi goma ko goma sha biyar a kan batunsa, sannan ya zaɓi huɗu da ke ɗaukar labarin, ba ya shiga wannan ramin.

Akwai na uku da ke cewa karin sauti ba ya da muhimmanci, tunda kiɗa na rufe shi. A waƙar da ake rerawa, ko wadda aka bi muryar da na'ura aka ɗora ta kan wani amo, maganarsu na da ƙarfi, domin rerawar na iya danne karin kalma. A rap da ake yi kusa da muryar magana kuwa karin yana fitowa sarai. Abin da ya fi daidai shi ne a jera su bisa tsanani: kuskuren nauyi yana karya fulo nan take, kuskuren kari yana rage daɗi ne kawai, sai fa inda ya sauya ma'ana, kamar "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, ko "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya.

Abin da zai canza ga mai waƙa, mai ɗauka da mai saurare

Ga matashin da ke tara kuɗin situdiyo da guminsa, amfanin farko na aljihu ne. Baitin da aka auna gurabensa aka bar masa wurin numfashi ana iya ɗaukarsa a tashi ɗaya ko biyu, kuma ana iya maimaita shi a dandali ba tare da wani ya riƙa ƙarasa masa ƙarshen layi ba. Ga mai ɗaukar sauti, idan mawaƙi ya yi ta tuntuɓe a wuri ɗaya, ƙirga nauyin layin ya fi rage gudun kiɗa saurin gano matsalar.

Ga masu alƙalanci a gasar unguwa ko ta makaranta, idan za a ba da maki a kan amsa-amo mai gaɓoɓi da yawa, takarda ba ta isa shaida ba, sai an ji daga bakin mai ita. In ba haka ba, wanda ke rap da Faransanci zai riƙa cin wanda ke yi da Hausa, domin nasa aikin yana bayyana a ma'aunin da alƙalan suka koya a aji, na ɗan Hausa kuwa rabinsa a tsawon wasali da kari yake, inda harafi bai kai ba.

Mai saurare kuma, wanda galibi ta ƙaramar lasifikar waya yake ji, a fada ko a bayan ɗan kabu-kabu, babbar ganga ba ta isa kunnensa sosai, domin irin wannan lasifikar ba ta fitar da amo mai zurfi. Abin da ke isa gare shi "tas" ne da murya. Shi ya sa jerin da aka saukar a gurbi na 5 da na 13 yake fitowa ko a wayar da ta sha wahala, wanda aka warwatsa a wasu guraben kuma sai an sa abin kunne kafin a san yana nan.